Takardar da Alhaji Ya Liƙa a Ƙofar Kanti

A unguwarmu a Kano akwai wani kantin kayan masarufi da ya girmi yawancin yaran da ake aikowa cikinsa. Mai shi dattijo ne da kowa ke kira Alhaji, mutumin da ya fi yarda da littafin bashinsa mai jan bango fiye da kowace na'ura. Saboda haka da na tarar da takarda shafi guda an buga ta da injin, an saka a leda, an liƙa a jikin ƙofa daidai inda ido zai faɗa, sai na tsaya na karanta. Daga baya na ga an ɗauki hotonta ana ta turawa a wayoyin matan unguwa. Ga yadda ta fara:

"Zuwa ga abokan cinikinmu masu daraja. Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da godiya bisa hulɗar da ke tsakaninmu, muna sanar da ku cewa daga farkon wata mai kamawa za a iya biyan kuɗin kaya a wannan kanti ta waya: ko ta tiransifa daga manhajar banki, ko ta danna lambobi a ƙaramar waya, ko ta haska lambar QR da ke kan teburi. Tsabar kuɗi na nan yadda take, ba mu daina karɓa ba. Asusu guda ɗaya ne na kanti, kuma sunan kanti ne a kansa. Don Allah kafin ku saka lambar sirrinku, ku duba sunan da ya fito. In ba sunan kanti ba ne, kada ku tura."

Sakin layi huɗu ne suka biyo baya, kuma zan zo kansu. Abin da ya fara ɗaukar hankalina shi ne cewa takardar ba talla ba ce, ko da yake a kallon farko ta yi kama da talla. Alhaji bai ce biya ta waya ya fi sauƙi ba, bai ce zamani ya zo ba. Abin da yake yi shi ne sake yanke wata tsohuwar magana tsakaninsa da mutanensa: yaushe ne za a ce an biya? Da, amsar ba ta buƙatar takarda. Ka miƙa kuɗi, ya ƙirga, ya ɗaga 'yar dubu ɗaya sama ya duba in yana shakka, ya jefa a aljihun teburi, magana ta ƙare. Yanzu kuɗin ba ya bi ta hannun kowa, kuma akwai waya biyu, ta mai saye da ta mai sayarwa, waɗanda ba kullum suke faɗar abu ɗaya ba a lokaci ɗaya. Kusan duk rigimar da ake yi a bakin kanti yau daga wannan giɓin take fitowa.

Ba sai an tuna wa kowa abin da ya tura 'yan kasuwa wannan hanya ba. A watan Oktoba na 2022 Babban Bankin Najeriya ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka sa wa tsofaffin wa'adin 31 ga Janairun 2023, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, sababbin kuwa suka yi wuyar gani. Kafin Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Maris cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin, mai shayi da mai nama da mai kayan miya duk sun koyi rubuta lambar asusu a kwali. Alhaji ma ya yi haka a lokacin, amma lambar da ya rubuta ta babban yaron kantin ce, domin shi ne mai wayar zamani. An shekara ana tafiya a haka. Takardar nan, in ka lura, gyaran wannan kuskure ce.

Wannan murabba'in mai ɗigo-ɗigo

Mutane da yawa suna ɗaukar lambar QR kamar wani asiri, har na ji wata tsohuwa tana tambaya ko hoton ne ke zuƙe kuɗi daga waya. Ba ya zuƙar komai. Rubutu ne kawai aka mayar da shi ɗigon baƙi da fari don kyamara ta karanta cikin ƙiftawar ido. Wani kamfanin Japan mai suna Denso Wave ne ya ƙirƙiro shi a 1994, kuma ba don ciniki ba, don bin sawun kayan gyaran mota a masana'anta. Manyan murabba'ai uku da kake gani a kusurwoyinsa su ne ke nuna wa kyamara ina ne sama ina ne ƙasa, shi ya sa ko a karkace ka riƙe wayar za ta karanta. An kuma gina shi da maimaicin bayani, ta yadda ko manja ya ɗan ɗiga a kai ko gefe ya goge, sau da yawa yana karantuwa.

To me aka rubuta a cikin na kan teburin Alhaji? Bayanin wanda za a biya: lambar da ke nuna wane ɗan kasuwa ne, da sunansa, da inda kuɗinsa zai sauka. Iyakarta ke nan. Aikin da take yi maka shi ne ta hutar da kai daga kwafe lambobi goma na asusu da zaɓen sunan banki a cikin dogon jeri, wuraren da yatsa kan zame. Kuɗi ba ya motsi sai ka rubuta adadi ka saka lambar sirrinka da hannunka.

Iri biyu ne, kuma bambancinsu ya shafi aljihu. Akwai wadda ake bugawa sau ɗaya a liƙa, kamar ta Alhaji. Ita ba ta san nawa ka yi sayayya ba, kai za ka rubuta. Akwai kuma wadda na'ura ke fitarwa sabuwa ga kowane ciniki, da adadin kuɗin a cikinta, irin wadda ake gani a manyan kantuna. Da ita ba ka rubuta komai, duba adadi kawai za ka yi ka amince. Ta farkon ta fi araha, domin takarda ce da gam. Amma duk kuskuren adadi a wuyanka yake.

Wani abu da takardar ta ambata a taƙaice, wanda ya cancanci ƙarin bayani, shi ne cewa ba kowace manhaja ke karanta kowace lamba ba. A watan Maris na 2021 kamfanin NIBSS, wanda bankuna da Babban Banki suka mallaka kuma ta cikinsa tiransifa tsakanin bankuna ke bi, ya ƙaddamar da tsarin da ya kira NQR, domin lamba ɗaya ta yi aiki da manhajojin bankunan da suka shiga tsarin. Amma akwai kamfanonin kuɗi na waya da ke da tasu lambar, wadda manhajarsu ce kaɗai ke ganewa. In ka haska wayarka ta ce ba ta gane ba, ba lallai wayar ce ta lalace ba, wataƙila layin ne ba ɗaya ba. Shi ya sa Alhaji ya sa aka rubuta lambar asusun da manyan baƙaƙe a ƙarƙashin murabba'in. Kuma daga cikin manhajar bankinka ake haskawa, a wurin da aka rubuta Scan ko QR, ba da kyamarar ɗaukar hoto ba.

Mu bi ciniki ɗaya

A ce wata malamar makaranta ta tsaya da yamma ta sayi shinkafa da mai da sabulu da madara, lissafi ya kama naira 18,500. Ta buɗe manhajar bankinta, ta shiga wurin haskawa, ta saita wayar a kan lambar. Sai sunan kanti ya fito. Nan ne tsayawa ta farko, kuma ita ce tsayawar da Alhaji ya roƙa a sakin layinsa na farko. Ta rubuta 18500. Tsayawa ta biyu ke nan, domin tsakanin 18,500 da 185,000 sifiri ɗaya ne, kuma da yawa daga cikin manhajoji ba sa saka waƙafi yayin da kake rubutu. Ƙirga baƙaƙen: biyar ya kamata su zama, ba shida ba. Sannan ta saka lambar sirri, fuskar wayar ta nuna Successful, ta juya wayar ta nuna wa yaron kanti.

A nan yaron bai miƙa mata leda ba. Ya ce, "Hajiya, yi haƙuri kaɗan, bari ya shigo." Ya duba wayar kanti. Daƙiƙa kamar goma ta yi ƙara, ya ga 18,500, ya ga sunanta, ya ce, "Ya shigo, Allah ya amfana." Wannan ɗan jiran shi ne zuciyar takardar, kuma ga yadda Alhaji ya rubuta shi:

"Muna roƙon afuwarku: ba za mu iya bayar da kaya bisa hoton rasit ko saƙon da ke wayar mai saye ba, sai mun ga kuɗin a asusun kanti. Wannan ba rashin yarda ba ne ga kowa. Ƙa'ida ce da ta hau kan kowa, har iyalan gidana."

Jimlar ƙarshen nan ta dattijo ce wanda ya san mutanensa. A wurinmu, ka ce wa wanda ya girme ka "bari in duba" kusan daidai yake da ka ce ba ka gaskata shi ba. Yaron kanti ɗan shekara sha tara ba zai iya tsayar da limamin unguwa ko surukin mai gida ba, sai in akwai takarda a bango da zai nuna ya ce ba shi ya faɗa ba. Alhaji ya ɗauke wa yaransa nauyin kunya ya ɗora wa leda da gam.

Dalilin ƙa'idar kuwa a fili yake ga duk wanda ya taɓa zama a kasuwa. Rasit ɗin da ke fuskar waya hoto ne, kuma hoto ana gyara shi. Ana ɗaukar tsohon rasit a canza kwanan wata da adadi. Akwai manhajojin bogi da aka ƙera su yi kama da na banki, su nuna koren alama ba tare da ko kwabo ya tashi ba. Akwai kuma alat na ƙarya, wato saƙon tes da ake turo wa mai kanti da suna mai kama da na bankinsa, yana cewa an saka masa kuɗi. Wannan na ƙarshen ya fi cin mutane, domin a wayar mai kantin yake sauka. Yadda ake gane shi ba wuya: kada a tsaya ga saƙon, a buɗe manhajar a duba jerin kuɗin da suka shigo, a ga ko jimlar da ke asusun ta ƙaru. Saƙo kowa na iya rubutawa, amma jimlar asusu banki ne kaɗai ke taɓa ta. Na'urorin POS da yawa na yanzu ma suna nuna tiransifar da ta shigo, har su buga mata rasit, wanda ya sauƙaƙa wa yaran kanti, tunda ba sai an ba su lambar sirrin mai gida ba kafin su tabbatar.

Masu wannan sana'a sun san lokacin zuwa. Gab da magariba, kanti a cike, kowa na sauri, sai mutum ya zo da kaya masu tsada da sauƙin ɗauka, madarar gwangwani ko katan ɗin mai, ya ɗaga waya daga nesa yana cewa mai babur na jiransa. Gaggawar ita ce makaminsa.

Idan an cire a can, bai shigo nan ba

Da a ce duk wanda kuɗinsa bai shigo ba ɗan damfara ne, da abin ya zo da sauƙi. Matsalar ita ce mafi yawansu masu gaskiya ne. Mu koma ga malamar nan, mu ce ranar ƙarshen wata ce, albashi ya shiga, kowa na tura kuɗi. Ta tura, bankinta ya cire 18,500, ta ga saƙon cirewa, amma wayar kanti shiru. Minti biyar, minti goma. Ita ta san ta biya, yaron ya san bai gani ba, kuma dukansu gaskiya suke faɗa.

Abin da ya faru shi ne kuɗin yana da zango uku: bankin mai turawa, sai tsakiya inda NIBSS ke miƙa saƙo, sai bankin mai karɓa. Bankinta ya yi nasa, ya cire. Amma ɗaya bankin bai amsa a kan lokaci ba, ko amsar ta ɓace a hanya. Daga nan ɗayan biyu ne: ko kuɗin ya ƙarasa daga baya, ko a mayar mata da shi asusunta. Babban kuskuren da ake yi a wannan lokacin shi ne a ce "sake turawa". In ta sake, na farkon kuma ya ƙarasa cikin dare, ta biya sau biyu, kuma sai ta dawo tana roƙon abin da yake nata.

Ga abin da Alhaji ya tsara, kuma a ganina nan ne takardar ta fi nuna gwaninta:

"In an cire muku kuɗi bai iso gare mu ba, kada ku sake turawa. Za mu rubuta sunanku da adadi da lokaci da lambar ciniki a littafi. Wanda muka sani zai tafi da kayansa, mu jira zuwa gobe. In ya shigo, mu soke. In an mayar muku, sai ku biya. Wanda ba mu sani ba za mu ajiye masa kayan da sunansa."

Wato littafin bashi mai jan bango bai yi ritaya ba, sabon shafi aka buɗe masa. "Lambar ciniki" da yake nufi ita ce doguwar lambar nan da ke ƙasan rasit, wadda manhajoji da yawa ke rubuta wa Session ID, mai baƙaƙe talatin in tiransifa ce tsakanin banki da banki. Mutane kan ɗauki hoton rasit su yanke ƙasansa, alhali ita ce abu mafi amfani a jikinsa. Da ita ma'aikacin banki zai bi sawun kuɗin ya ce ya tsaya a wuri kaza. In kwana ya wuce bai shigo ba kuma bai dawo ba, mai turawa ne zai kai ƙorafi, a bankinsa, domin shi ne abokin hulɗarsu kuma daga asusunsa aka cire. Mai kanti ba shi da bakin magana a can. In banki ya yi mako biyu bai warware ba, Babban Banki yana da sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna da ake ɗaukaka ƙara zuwa gare shi.

Akwai wanda zai ce bambanta sananne da baƙo ya saɓa wa ƙa'idar "har iyalan gidana". Na yi tunanin haka da farko. Amma abu biyu ne daban. Ƙa'idar farko ta ce ba a ɗaukar hoto a matsayin biya, ga kowa. Ta biyun ta ce wanda aka sani ana iya ba shi bashi na kwana ɗaya, kuma bashi dama can da sanayya ake bayar da shi.

Suna, da dalilin nanata shi

Sau uku kalmar "suna" ta fito a sakin layin farko na takardar. Dalili na farko na cikin gida ne. Lokacin da ake tura kuɗin kanti a asusun yaro, ba a taɓa samun lissafi ya daidaita ba, kuma ba lallai don yaron ya ci amana ba: kuɗin cinikin sukari ya cakuɗe da wanda yayarsa ta turo masa na anko, ya sayi data daga ciki, banki ya cire cajinsa. Ga kuma iyaka. Ƙaramin asusu na matakin farko, irin wanda ake buɗewa cikin minti biyar a waya, ba a yarda ya riƙe fiye da naira 300,000 ba. Kanti mai ciniki kan cika wannan kafin la'asar, daga nan kuɗin mutane ya fara komawa ko ya maƙale, a yi ta zagin sabis alhali kwano ne ya cika.

Dalili na biyu na waje ne, kuma ya shafi lambar QR kai tsaye. Ido ba ya bambanta murabba'i ɗaya da wani. In wani ya buga tasa lambar a takarda mai gam ya liƙa a kan ta kanti yayin da yaro ya juya ɗauko taliya, ba wanda zai lura. Masu saye za su yi ta haskawa, kuɗi na tafiya wani wuri. An yi wannan damfara a ƙasashe da dama da biya da QR ya yaɗu. Maganinta biyu ne kuma duka ba su da tsada. Mai kanti ya saka lambar a bayan gilashi ko cikin leda mai kauri, kusa da inda yake zama, ba a waje jikin ƙofa ba, kuma kowace safiya ya shafa da yatsa ya ji ko akwai tudu, ya haska da wayarsa ya ga sunansa. Mai saye kuma ya karanta sunan da ya fito. Ɓarawo zai iya kwaikwayon takarda, amma sunan da manhaja ke nunawa daga banki yake zuwa.

Sai wata alama da ya kamata kowa ya riƙe: lambar biyan kuɗi ta kanti ba ta tambayar komai sai adadi da lambar sirrin da ka saba sakawa a cikin manhajarka. In ka haska ta buɗe wani shafi yana neman lambar katinka, ko BVN, ko lambar nan ta wucin gadi da banki ke turowa ta tes, rufe ka sanar da mai kanti. Alhaji ya rubuta wannan da kalmomi kaɗan: "Babu yaron kantin nan da zai tambaye ku lambar sirri. Kada ku miƙa masa waya ya danna muku." Na san wannan zai yi wa wasu tsofaffi wuya, domin sun saba miƙa wayar su ce "ɗana, tura min". Amma wanda ya taɓa ganin yadda zargi ke raba unguwa bayan kuɗi ya ɓace daga asusun wata gwaggo zai fahimci wa ake karewa da wannan layi. Yaron ake karewa.

Masu ƙaramar waya, da 'yan aike

Lambar QR tana buƙatar waya mai kyamara da data. Rabin masu shiga kantin Alhaji, in ba fiye ba, ƙaramar waya ce a aljihunsu. Su hanyarsu ita ce lambobin da ake dannawa kamar za a duba kuɗin kati: `*737#` ga GTBank, `*894#` ga First Bank, `*919#` ga UBA, `*966#` ga Zenith, `*901#` ga Access. Ba ta buƙatar data, sai sabis ɗin kira. Ka zaɓi tura kuɗi, ka rubuta lambobi goma na asusun kanti, ka zaɓi banki, suna ya fito, ka tabbatar. Aibinta shi ne tana yankewa in ka yi jinkiri, kuma ba ta ba da rasit mai kyau, sai saƙon tes da wani lokaci yakan makara. Akwai kuma cajin naira 6.98 da aka sanya wa irin wannan dannawa tun 2021.

Tunda an zo maganar caji, ga yadda yake a jadawalin da Babban Banki ya fara aiki da shi a Janairun 2020: naira 10 ga tiransifar da ba ta wuce 5,000 ba, naira 25 daga nan zuwa 50,000, naira 50 ga abin da ya haura, ban da ɗan harajin da ke hawa kai. Ke nan bisa wancan jadawalin, malamar nan, in tiransifa ta yi zuwa wani banki, cajin bankin da ya hau kan 18,500 bai kai naira 30 ba. Akwai kuma harajin gwamnati na naira 50 a kan kuɗin da ya kai 10,000 zuwa sama. Wannan hamsin ɗin ce ta haifar da al'adar "ƙara ɗari na caji" da wasu masu shago ke yi. Alhaji ya ce shi ba zai ƙara ba, farashi ɗaya ne ko da wace hanya aka biya. Na tambaye shi dalili, ya ce wanda ya biya shi ta waya ya hutar da shi neman canji, ya hutar da shi tafiya banki da kuɗi a aljihu, ya hutar da shi yagaggiyar ɗari biyu da ba mai karɓa, to don me zai ci shi tara?

Sakin layi na ƙarshe kafin sallama shi ne wanda babu wani kamfanin kuɗi da zai tuna ya rubuta, domin sai wanda ya zauna a unguwa irin tamu. Yawancin cinikin rana ba masu kuɗin ne ke zuwa ba. Uwar gida tana ciki, ta aiko yaro ɗan shekara takwas da saƙon baki. Kuɗin kuwa mai gida ne zai turo daga kasuwar Kwari ko daga ofis, wani lokaci daga asusun abokinsa. Sai alat ya shigo da sunan da ba wanda ya sani a kanti, naira 3,200, ga yara uku a tsaye kowanne na cewa na gidansu ne. Alhaji ya rubuta: "Wanda zai aiko yaro, ya rubuta sunan yaron ko sunan gidan a wurin bayani lokacin turawa, ko ya kira lambar kanti." Wurin bayanin nan, wanda manhajoji ke kira Narration ko Remark kuma kowa ke tsallakewa, shi ne ya zama igiyar da ke ɗaure kuɗi da ɗan aike. Ta rage wani abu kuma da iyaye mata suka daɗe suna kuka da shi, wato canjin da ke narkewa tsakanin kanti da zaure.

Na koma kantin bayan kamar wata biyu, da dare, lokacin rufewa. Na tarar da Alhaji da tabarau a hanci, wayar kanti a hagu, jan littafi a dama, babban yaron yana karanto adadi shi yana sa alama. Layi biyu ne ba a soke ba a shafin ranar. Ɗaya na wani mai gyaran babur ne da aka mayar wa kuɗinsa, ya aiko cewa zai kawo da safe. Ɗayan kuwa 4,700 ne da ya shigo tun azahar ba bayani, ba wanda ya zo ya karɓi kaya a kansa. Alhaji ya zagaye shi da biro, ya rubuta "amana" a gefe, ya ce wa yaron ya ja ƙofa.